Barka da Zuwa, Malama Hauwa'u

Assalamu alaikum, Malama Hauwa'u.

Lale marhabin, sannu da zuwa. Mu ma'aikatan sashen rigakafi muna murna da Allah ya kawo mu wannan rana. Tun da Hajiya Binta ta yi ritaya bayan Babbar Sallah muke zuba idon wadda za ta gaje ta, yau ga ki.

Ƙarfe 8 na safe muke buɗewa. Kafin a taɓa komai sai an duba firjin allurai, a tabbatar sanyinsa yana tsakanin digiri 2 da 8, a rubuta a takardar da ke manne a murfinsa. Haka za a sake yi kafin a tashi. Malam Sani ne mai wannan aiki, kuma makon nan tare za ku riƙa yi. In kika ga ma'aunin ya kauce, ki kira shi nan take.

Talata da Alhamis su ne ranakun rigakafi. Jadawalin kin san shi tun daga makaranta: allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna da zarar an haihu, allurar Penta mai kare yaro daga cututtuka biyar a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9. Abin da muke so ki riƙe shi ne uwar da ta kawo yaron. Wata tun asuba ta taso daga ƙauye a ƙafa, da goyo, ta bar aikin gida. Wata za ta zo ranarta ta wuce da wata biyu, tana ɓoye kati don kunya. Don Allah kada ki yi mata faɗa. Ki gaishe ta, ki tambayi mai sunan, ki ɗora daga inda aka tsaya. Ki faɗa mata cewa bayan Penta jikin yaro kan yi ɗan zafi, kuma yana wucewa, domin in ba ta ji daga bakinki ba, maigida na iya hana ta dawowa. Ranar dawowa kuwa ki rubuta, sannan ki faɗa da baki, ki haɗa mata da ranar kasuwa, don ba kowa ke karatu ba.

Duk abin da ya shige miki duhu ki tambaya, ko sau goma ne. Anti Ladi ta fi shekara 20 a nan, ta san unguwannin nan gida-gida, kuma ta ce teburinki yana kusa da nata.

Makullin kabad ɗinki yana wurin Baba Maigadi. Bayan Azahar muna cin abinci tare a ƙarƙashin darbejiya. Yau kada ki sayi komai, ke baƙuwarmu ce.

Allah ya sa kin shigo a sa'a, ya ba mu zaman lafiya tare.

Taki,
Hajiya Rabi Shu'aibu, shugabar sashe,
a madadin Malam Sani, Anti Ladi, Zainab da Baba Maigadi