Gyaran aikin gida na uku: lissafi ɗaya a kan injina uku

'Yan aji biyu, ga cikakkiyar amsar tambayar da na ba ku a darasin tsarin kwamfuta. Na duba takardunku, yawancinku kun rubuta umarnin daidai, wajen ƙirga ne aka samu saɓani. Tambayar ita ce ku rubuta umarnin lissafi ɗaya a injin stak, injin akumuleta da injin ɗauko da ajiye, ku ƙirga umarni, zuwa memori da bayit. Lissafin shi ne:

```
X = (A + B) * (A - C)
```

A, B, C da X duk a memori suke. Don mu iya bin sawu, mu ce A = 7, B = 3, C = 2, ke nan dole X ya fito 50 a kowane inji. Ku lura A ya zo sau biyu. Da gangan na sa shi haka.

Ga sharuɗɗan ƙirga, kamar yadda suke a takardar tambaya: lambar umarni bayit 1 ce, adireshin memori bayit 2, lambar rijista bit 4, kowace ƙima bayit 4, kuma tsawon kowane umarni sai an cike shi ya zama cikakken bayit.

Injin stak

A nan umarnin lissafi ba ya ambaton inda zai samo ƙima. Biyun da ke sama yake ɗauka, ya mayar da sakamako a saman, kamar tarin faranti.

```
PUSH A
PUSH B
ADD
PUSH A
PUSH C
SUB
MUL
POP X
```

Bayan ADD, 10 kaɗai ke kan stak. Aka ɗora 7, aka ɗora 2, SUB ya cire na sama daga na ƙarƙashinsa ya bar 5, MUL ya haɗa 10 da 5 ya ba da 50. Duk wanda ya ɗora C kafin A zai samu -50, kuma na ga hakan a takardu da dama.

Umarni 8 ne. Zuwa memori don bayanai sau 5: karatu 4, rubutu 1. Umarni biyar masu adireshi bayit 15, ukun da ba su da adireshi bayit 3, jimilla 18. Bayanai bayit 20. Duka 38.

Wannan ƙirgar ta dogara ne a kan cewa stak ɗin yana cikin furosesa. In a memori yake gaba ɗaya, labari ya canza: kowane PUSH ya ƙara rubutu ɗaya, POP ya ƙara karatu ɗaya, kowane umarnin lissafi karatu biyu da rubutu ɗaya. Ƙarin 14 ke nan, 5 ta koma 19. Waɗanda suka rubuta 19 kuma suka faɗi zatonsu na ba su maki cikakke. Wanda ya rubuta lamba tsurarta ba bayani, ko daidai ce, rabi ya samu.

Injin akumuleta

Rijista ɗaya tak ke riƙe da ƙimar da ake aiki a kai. Irin wannan tsari ne a EDSAC ta Cambridge a 1949 da PDP-8 a 1965.

```
LOAD  A
SUB   C
STORE T
LOAD  A
ADD   B
MUL   T
STORE X
```

Matsalar tana layi na uku. An samu 5, amma ana bukatar akumuleta don haɗa A da B, ba kuma inda za a ajiye 5 ɗin sai memori. Shi ya sa muka ƙirƙiro T, wanda babu shi a lissafin asali, muka biya rubutu ɗaya da karatu ɗaya a kansa.

Umarni 7, kuma kowannensu sai ya taɓa memori: karatu 5, rubutu 2. Umarni bayit 21, bayanai bayit 28, duka 49. Wasunku sun ga 7 bai kai 8 ba suka yanke hukuncin cewa akumuleta ya fi stak. Umarninsa ya fi kaɗan, gaskiya ne, amma a injina ukun shi ya fi zirga-zirga zuwa memori.

Injin ɗauko da ajiye

Doka ɗaya ce: LOAD da STORE kaɗai ke zuwa memori, lissafi kuwa tsakanin rijistoci ake yin sa. CDC 6600 ta 1964 ta bi wannan hanya, haka MIPS da RISC-V. Rijistar farko a umarnin lissafi ita ke karɓar sakamako.

```
LOAD  R1, A
LOAD  R2, B
LOAD  R3, C
ADD   R2, R1, R2
SUB   R3, R1, R3
MUL   R1, R2, R3
STORE R1, X
```

Umarni 7, zuwa memori sau 4. Ƙasa da haka ba zai yiwu ba, tunda ƙimomi uku ne za a karanta, ɗaya a rubuta. An ɗauko A sau ɗaya, ya zauna a R1, ADD ya yi amfani da shi, SUB ma ya yi. 10 da 5 ba su taɓa fita daga furosesa ba.

Sai dai umarninsa masu nauyi ne. LOAD ko STORE bayit uku da rabi ne, a cike ya zama 4, sau huɗu 16. Umarnin lissafi bayit biyu da rabi, a cike 3, sau uku 9. Jimilla 25, da bayanai 16, duka 41.

Abin da lambobin ke faɗa

A yawan umarni, akumuleta da ɗauko da ajiye sun yi kunnen doki. A zuwa memori don bayanai, ɗauko da ajiye ne gaba. In aka haɗa bayit na umarni da na bayanai, stak ya ci da 38 a kan 41 da 49. To wanne ya fi? Amsar tana bin abin da aka ƙirga, don haka na ƙi karɓar "injin kaza ya fi" ba tare da ma'auni ba.

Wata ɗaliba ta tambaya a gefen takardarta ko ba za a iya guje wa karanta A sau biyu a stak ba. Za a iya, in injin yana da DUP mai kwafar na sama da SWAP mai musanya biyun sama, kamar yadda injin Java yake da su:

```
PUSH A
DUP
PUSH B
ADD
SWAP
PUSH C
SUB
MUL
POP X
```

Umarni ya hau 9, zuwa memori ya sauka 4, bayit duka 33. Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Amma ku dubi SWAP ɗin nan: bai lissafa komai ba, gyara jeri kawai ya yi. Da A zai sake fitowa bayan layi ashirin, jujjuyawar sai ta yi yawa har a gwammace a koma memori a ɗauko shi. Rijista kuwa suna gare ta, ana kiran ta kai tsaye ko yaushe. A ganina wannan ya fi ƙirgar bayit nauyi wajen fahimtar dalilin da ya sa furosesoshin yau suka karkata ga rijistoci masu yawa, kamar 32 na RISC-V. Akwai kuma wani abin da ƙirgarmu ba ta nunawa: ADD da SUB a inji na uku ba su dogara da juna ba, furosesa na iya gudanar da su lokaci guda, alhali a akumuleta dole ɗaya ya jira ɗaya.

Kar kuma ku ɗauki injinanmu na takarda a matsayin na gaske. A ainihin RISC-V umarni bit 32 ne, LOAD ba ya ɗaukar cikakken adireshi, sai rijista da tazarar bit 12, don haka wani lokaci sai an ƙara umarni kafin a kai ga A.

Aikin ranar Alhamis: ku maimaita duk ƙirgar nan a kan lissafin da ke ƙasa, sannan ku sake yin inji na uku da rijista biyu kacal, ku nuna layin da ya tilasta muku komawa memori.

```
Y = (A - B) / (C + D * A)
```