Bayanin Kasafin Kuɗi: Gyaran Rijiyoyin Burtsatse 8 a Ƙaramar Hukumar Gezawa

Zuwa ga Alhaji da kwamitin amintattun gidauniya,

Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka buƙata, ga fassarar bayanin kasafin da muka haɗa da takardar neman tallafi. Lambobin da ke nan su ne na jadawalin Turanci, kuɗin ma ba a canja ko kwabo ba, don haka za a iya ajiye takardun biyu gefe da gefe a bi su. Aikin na wata 6 ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, domin famfunan su dawo aiki kafin bazara ta tsananta. Jimillar abin da muke nema ₦10,752,200 ne.

Lamba ta 1. Ma'aikata: ₦1,340,000

Ba cikakken albashi muke nema wa kowa ba, sai gwargwadon lokacin da zai ba wannan aiki. Jami'in aikin yana karɓar ₦200,000 a wata, rabin lokacinsa zai tafi a nan, wato ₦100,000 sau 6, ₦600,000. Akawu yana karɓar ₦150,000, za mu ɗauki kashi 20 cikin 100 na lokacinsa, ₦30,000 a wata, ₦180,000 ke nan. Masu wayar da kai biyu ne, namiji da mace, na wata 4, kowanne ₦70,000 a wata, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024. Nasu ya kama ₦560,000. Dole a sa mace, domin ita ce za ta shiga gidaje ta zauna da matan da ke amfani da ruwan.

Lamba ta 2. Kayan famfo: ₦4,472,000

Wannan ne mafi tsada a kasafin, kuma shi ne wanda idan kun zo duba aiki ba za ku gani da ido ba, saboda kusan dukkansa cikin rami zai shige. Don haka za mu ɗan tsaya a kansa.

Famfunan takwas duka samfurin India Mark II ne, na tuƙa-tuƙa. Kowanne yana da bututu 10, kowane bututu tsawon mita 3, da rodi a cikinsa wanda ke motsa silinda a can ƙasa. Bututun da aka sa tun farko na baƙin ƙarfe ne mai rufin tutiya. Da muka zaro na ɗaya daga cikin rijiyoyin, mun tarar tsatsa ta ci zaren mahaɗar, har farce yana ɓare ta. Shi ya sa ruwan farko na safe ke fitowa ja, mata su yi ta buga famfo suna zubarwa kafin su tara bokiti, kuma shi ya sa wani lokaci bututu ke tsinkewa ya faɗa rami.

Mun zaɓi bututun ƙarfe mara tsatsa. Ya fi tsada ƙwarai, amma a ganinmu mayar da irin na da tamkar ɗinke tsohuwar riga ne da ruɓaɓɓen zare. Ga lissafin rijiya ɗaya: bututu da rodinsa ₦38,000 sau 10, ₦380,000; sabuwar silinda ₦95,000; kayan kan famfo, wato sarƙa da boris da sandar da hannun famfo ke juyawa a kai, ₦45,000. Sun haɗu ₦520,000, sau 8 ya zama ₦4,160,000. Sauran ₦312,000 harajin kayayyaki ne na kashi 7.5 cikin 100, wanda gwamnati ke karɓa. Farashin daga takardun 'yan kasuwa uku na Ƙofar Ruwa muka ɗauko shi, mun bi na tsakiya, kuma takardun suna haɗe. Ranar zura bututun muna roƙon wakilinku ya halarta ya ƙirga da kansa, tun kafin a rufe.

Lamba ta 3. Wanke rami da ladan makanikai: ₦1,380,000

Rijiyoyi 5 sun daɗe a tsaye, yashi da laka sun taru a ƙasansu. Idan aka zura sabuwar silinda a haka, yashin zai cinye robobinta cikin ɗan lokaci. Za a kawo injin iska a hura ramin har ruwa ya fito garau, ₦180,000 kowace, ₦900,000. Sauran ukun ba su buƙata, ba mu sa musu ba. Ladan makanikai na zarowa da mayarwa ₦60,000 ne a kowace rijiya, ₦480,000.

Lamba ta 4. Dakali da magudana: ₦1,040,000

Dakalin da ya tsage yana barin ruwan wanki da fitsarin dabbobi su koma cikin rami. Kowace rijiya za ta ci buhun siminti 6 a kan ₦10,000 kowanne, tsakuwa da rodi ₦40,000, magini ₦30,000, wato ₦130,000. Ba za ku ga kuɗin yashi da leburori ba, domin masu unguwanni sun ɗauki nauyinsu, za a yi aikin gayya.

Lamba ta 5. Gwajin ruwa: ₦400,000

Sau biyu a kowace rijiya, kafin gyara da bayansa, ₦25,000 kowane gwaji. Ana duba ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida da kuma yawan ƙarfe a ruwan.

Lamba ta 6. Horar da kwamitocin ruwa: ₦800,000

Mutum 5 daga kowane ƙauye, 40 ke nan, kwana 2. Abinci ₦3,000 a rana ga kowa, ₦240,000. Kuɗin mota ₦2,000 a rana ga kowa, ₦160,000. Mai koyarwa ₦100,000. Babu alawus na zama, kuma a makarantar firamare za a yi ranar Asabar da Lahadi, ba hayar zaure. Ragowar ₦300,000 na akwatin kayan gyara 2 ne, ƙauyuka huɗu-huɗu su riƙa amfani da ɗaya. Abin da za a fi koya musu shi ne shafa giris a sarƙa, ɗaure notuna, da riƙe littafin kuɗin karo-karo, saboda yawanci ƙaramar matsala da aka bari ce ke kashe famfo.

Lamba ta 7. Zirga-zirga: ₦480,000

Babur na ƙungiya ne, ba mu nemi a saya ba. Mai lita 40 a wata, mun ƙiyasta lita a ₦950, ₦228,000. Juyen baƙin mai da gyara ₦72,000. Hayar motar ɗaukar kaya daga Kano sawu 2, ₦180,000.

Lamba ta 8. Ajiyar ko-ta-kwana: ₦344,600

Kashi 5 cikin 100 ne na lamba ta 2 da ta 3 da ta 4 kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗan kasuwa ba ya yarda farashin da ya rubuta ya daɗe, kuma kayan famfo daga waje ake shigo da yawancinsu. Haka nan babu mai sanin abin da ke cikin rami sai an buɗe. Ba za a taɓa wannan kuɗi ba sai da izininku a rubuce, abin da ya rage kuma za a dawo muku da shi.

Lamba ta 9. Gudanar da ofis: ₦495,600

Kashi 5 cikin 100 na lamba ta 1 zuwa ta 7, waɗanda suka haɗu ₦9,912,000. Mun san masu ba da taimako ba su cika son wannan lamba ba, suna ganin kuɗin bai isa ƙauye ba. Da shi ne za a biya cajin banki, katin waya, buga rahotanni, da rabon wannan aiki daga kuɗin mai binciken asusu, wanda zai tabbatar muku cewa rasiɗan sun yi daidai da abin da aka kashe.

Muna roƙon a saki kuɗin kashi biyu. Na farko ₦6,500,000 a Nuwamba, domin a sayi kayan famfo gaba ɗaya a farashi guda a kuma fara wanke ramuka. Na biyu ₦4,252,200 bayan kun karɓi rasiɗai kuma wakilinku ya ga rijiyoyi 4 suna ba da ruwa.

Allah Ya saka da alheri.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugaba da ma'aji