Barka da ƙarin girma, Hajiya

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kin tashi lafiya. Ya aiki, ya iyali?

Jiya da yamma na kira ofishinku kan takardar kayan da muka sauke ranar Litinin, sai wanda ya ɗauki wayar ya ce ai kin bar wannan teburin, an ɗaga ki zuwa mataimakiyar darakta. Na ce masa to madalla, sai dai an makara. Barka da arziki. Allah ya sanya alheri, ya taya ki riƙo.

Na san tun da labarin ya fita wayarki ba ta huta ba, na kuma san irin saƙon da mu masu kawo kaya muke turawa a irin wannan rana: layi uku na kirari, na huɗu kuma "yaushe za mu zauna?" Nawa ba shi da layi na huɗu.

Shekara 4 ke nan muna hulɗa, kuma ranaku biyu ne suka faɗo min da na ji labarin. Ta farko bara ce, da muka kawo katan 240 na takardar firinta, akawunmu ya juya lamba ya rubuta 204. Da kin sa hannu kin yi shiru, sai ƙarshen shekara za mu gano, in ma mun gano. Kika kira ni da kanki kika ce, "Malam, kun cuci kanku da katan 36, ku gyara ku sake turowa." Ta biyu kuwa ban ji daɗinki ba, ba zan ɓoye ba. Ruwa ya taɓa katan 30 a mota, na yi ta roƙo a karɓa a rage kuɗi, kika ce in zo sito in gani da idona. Kika yanka ɗaya a gabana, takardar duk ta kumbura ta lanƙwashe. Na kwashe kayana ina gunaguni. Tun daga ranar ba motar da ke fita daga wurinmu ba tare da tamfol ba.

Shi ya sa ban yi mamaki ba.

Batun kwangilarmu da za ta ƙare a watan Satumba, wannan tsakanina ne da wanda ya gaje ki, kuma ta ƙofar da kowa ke bi zan bi. Ba zan ce ki sa baki ba. Ko na ce ma, na san amsar.

Kada ki wahalar da kanki da mayar da amsa, makon farko a sabon ofis ba ya barin mutum ya numfasa. Abokan aikina duk suna taya ki murna, har da akawun nan mai 204, wanda ya ce lallai in ambace shi.

Allah ya ba ki abokan aiki nagari, ya sa ki gama lafiya.

Wassalam,
Mai kawo muku kayan ofis