Takardar darasi: yadda ake warware 7x ≡ 3 (mod 11)

Ɗalibai, na gama duba gwajin ranar Talata. Tambaya ta huɗu ce ta kayar da mafi yawanku, kuma kusan duk wanda ya faɗi abu ɗaya ya rubuta, wato x = 3/7. Da alamar = aka sa a tsakiya, da amsar ta yi. Amma alamar ≡ ce a wurin, kuma ita maganar saura take yi. Shi ya sa na rubuta muku wannan takarda, ku karanta kafin mu haɗu ranar Litinin.

Mu fara da ma'anar tambayar. Idan aka rubuta 7x ≡ 3 (mod 11), ana neman cikakkiyar lamba x wadda in an ninka ta sau 7, aka raba abin da aka samu da 11, saura 3 zai rage. Ko kuma a ce 11 tana raba 7x − 3 ba saura. Masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, shi ya shigo da wannan alama mai layi uku a shekarar 1801.

Ga misali daga gida. Mata 11 suna adashi, kullum mutum ɗaya ke kwasa, in an zagayo a sake daga farko. Uwar adashi ta kwasa yau Juma'a. Akwai wadda kwasarta ke zuwa kwana 3 bayan ta uwar adashi, tana so ta san bayan mako nawa kwasarta za ta faɗo ranar Juma'a. Mako x kwana 7x ne, kuma muna so in an cire cikakkun zagaye na kwana 11 a bar 3. Tambayarmu ke nan, ba ƙari ba ragi. Kun ga babu yadda za a yi a ce mata ta jira uku bisa bakwai na mako.

Hanya mafi sauƙi ita ce gwaji. Saura 11 ne kawai ake da su, daga 0 zuwa 10, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya:

```
x           0  1  2  3   4  5  6  7  8  9  10
7x mod 11   0  7  3  10  6  2  9  5  1  8  4
```

A ƙarƙashin 2 ne 3 ta fito, domin 7 × 2 = 14, kuma 14 = 11 + 3. Ku lura da layin ƙasa: kowace lamba daga 0 zuwa 10 ta fito sau ɗaya tak. Za mu dawo kan dalilin haka. Gwaji ba laifi ba ne, zan ba da cikakken maki a kansa, sai dai ranar da aka ba ku modulo 101 za ku gane iyakarsa.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne, a wannan lissafi ba ma rabawa da 7, ninkawa muke yi da wata lamba da za ta mayar da 7 ta zama 1. Ni makulli nake kiranta. Ku duba jadawalin: 1 ta fito a ƙarƙashin 8, saboda 7 × 8 = 56 = 55 + 1. To 8 ce makullin 7 a modulo 11. Sai a ninka ɓangarorin biyu da ita:

```
8 · 7x ≡ 8 · 3   (mod 11)
56x ≡ 24         (mod 11)
x ≡ 2            (mod 11)
```

Yaya ake samo makullin ba tare da jadawali ba? Da dabarar Yuklid, wadda ta haura shekara dubu biyu ana aiki da ita. A raba babbar lamba da ƙaramar, sannan a raba ƙaramar da sauran da ya rage, a ci gaba har saura ya zama 1:

```
11 = 1·7 + 4
7  = 1·4 + 3
4  = 1·3 + 1
```

Yanzu sai a komo da baya, daga layin ƙarshe zuwa na farko. Nan ne hannu ke zamewa, ku bi a hankali, kada ku yi saurin haɗa ninkin 7 da na 11 wuri ɗaya:

```
1 = 4 − 3
  = 4 − (7 − 4) = 2·4 − 7
  = 2·(11 − 7) − 7
  = 2·11 − 3·7
```

Ku tabbatar: 22 − 21 = 1. A modulo 11, 2·11 sifili ce, don haka −3 × 7 ≡ 1. Makullin −3 ne, in an ƙara masa 11 ya zama 8, wadda muka gani ɗazu. Mutum biyu a cikinku sun iso nan lafiya, sannan suka jefar da alamar ɗebewa suka ɗauki 3, suka samu x ≡ 9. Da sun gwada, da sun ga 7 × 9 = 63, sauransa 8 ne. Gwada amsa ba ya cin minti ɗaya.

A rubuta amsa haka: x ≡ 2 (mod 11). Ba 2 kaɗai ba ce, har da 13, 24, 35 da −9. Mai adashinmu za ta kwasa ranar Juma'a bayan mako 2, sannan bayan mako 13, haka nan duk bayan mako 11.

Wata ɗaliba ta bi gajeriyar hanya da ta burge ni. Ta ƙara 11 a kan 3 ta samu 14, ta rubuta 7x ≡ 14, ta soke 7. Daidai ne, amma ku san abin da ya halatta sokewar: babu lambar da ke raba 7 da 11 duka biyu sai 1, wato gcd(7, 11) = 1. Shi ne dalilin da 7 ke da makulli, shi ne kuma ya sa layin ƙasa na jadawalin bai maimaita kowace lamba ba. Da yake 11 ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kowace lamba daga 1 zuwa 10 tana da makullinta.

In wannan sharaɗi ya faɗi, labari ya canza. Ku ɗauki 6x ≡ 3 (mod 10). A nan gcd(6, 10) = 2, kuma 2 ba ta raba 3. Duk ninkin 6 yana rabuwa biyu, in an cire goma-goma ma haka zai zauna, ba zai taɓa barin 3 ba. Babu amsa, kuma rubuta hakan tare da dalili shi ne cikakken maki. Amma 6x ≡ 4 (mod 10) tana warwaruwa, tunda 2 tana raba 4. Sai a raba duka ukun da 2, har da modulon, a samu 3x ≡ 2 (mod 5). Makullin 3 shi ne 2, don haka x ≡ 4 (mod 5). In an koma modulo 10 amsa biyu ce, 4 da 9: 24 da 54 duk suna barin 4. Wanda ya soke 2 ya bar 10 yadda take zai samu 4 kaɗai, 9 ta ɓace masa. Ƙa'idar ita ce, ax ≡ b (mod n) tana da amsa ne kawai idan d = gcd(a, n) tana raba b, kuma a lokacin amsoshi d ake samu a modulo n.

Aikin gida guda uku ne: 5x ≡ 4 (mod 13), da 17x ≡ 5 (mod 101), da 9x ≡ 6 (mod 15). A na biyu ina son ganin layukan Yuklid duka, gaba da baya. A na uku ku fara da gcd kafin ku taɓa komai, ku faɗi amsa nawa kuke sa rai. Kowace amsa a gwada ta a ƙasan shafi, a miƙa wa shugaban aji kafin ƙarfe 8 na safiyar Litinin.