Neman izinin yin bincike a aji uku kan sakin bakin yara a karatu

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ga tsarin binciken da nake neman izinin yi a ajina a zango na biyu.

Yarana 58 ne. Yawancinsu sun san baƙaƙe da wasula, suna kuma haɗa gaɓa. Amma ka ba yaro "Kaka ta dafa tuwo", sai ya ɗora yatsa yana "ka… ka… ta… da… fa", kafin ya kai tuwo ya manta wanda ya dafa. Idan muna karatun amshi, sai ka rantse kowa ya iya. Sai ka kira yaro shi kaɗai gaskiya ke fitowa, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Tambayata ɗaya ce: in yaro ya riƙa maimaita gajeren labari da abokin zamansa, minti 15 kullum har mako 8, bakinsa zai saki, ya kuma fahimci abin da ya karanta? Dabarar ita ce maimaita karatu, wadda masanin koyar da karatu S. Jay Samuels ya bayyana a 1979. Zan bi zagayen da masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin ya kafa wa irin wannan bincike: a shirya, a aikata, a duba sakamako, a gyara, a sake.

A makon farko kowane yaro zai karanta mini labari na minti ɗaya, kamar yadda ake yi a EGRA, gwajin auna karatun yaran ƙananan azuzuwa. Zan ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, in yi masa tambayoyi uku. Kurakuran ɓ, ɗ da ƙ zan rubuta su daban, don wanda ya karanta "baƙi" a matsayin "baki" ya riga ya ɓatar da labarin.

Daga nan kullum zan fara karantawa su ji, sannan su zauna biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, kowa ya karanta sau uku. A mako na huɗu zan tsaya in duba. In labaran sun yi tsauri, ko wani yana danne abokinsa, a nan zan canza.

Gwajin ƙarshe da sabon labari za a yi shi. Yaranmu gwanayen hadda ne, kada mu auna hadda mu ce karatu ne. Ban ware wani rukuni da za a hana dabarar ba, don zuciyata ba za ta iya ba. Kowane yaro da makinsa na farko zan gwada shi. Zan kuma riƙe rajistar masu fashi ranar kasuwa. Lamba zan sa a maimakon suna, kuma babu bulala a kan kuskure.

Ina roƙon kwali 20, izinin sanar da iyaye, da malami ɗaya da zai karɓi gwajin ƙarshe, don kada son da nake wa yaran ya shiga ƙirgen.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Malamar aji uku