Maganar bohol ɗin unguwa: kwana 75 kawai nake so ku riƙe

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. A zaman da ya wuce na karanto muku lissafi shafi uku, ina ɗaga kai na ga rabin mutane sun fara kallon ƙofa, Baba Liman ma ya ce min "ɗana ka faɗa mana da Hausa", wallahi gaskiyarsa. To ga shi da Hausa.

Gidajen da muka ƙirga 197 ne, mu ce 200. Da matasa suka zaga gida-gida an samu mai sayen jarka uku, an samu mai sha biyu, in aka daidaita kowane gida jarka 6 a rana. Jarka kuma wani layin 80 wani layin 120, in zafi ya tsananta ta fi haka, na ajiye ta a naira 100. Kenan kowane gida 600 kullum.

600 ba ta da tsoro a kunne shi ya sa ba ma jin fitarta, mai gida zai miƙa da safe ya manta, amma ku haɗa gida 200, naira 120,000 ke nan take fita daga unguwar nan kafin rana ta faɗi, yau da gobe da jibi, ranar sallah da ranar da aka yi rasuwa duk ɗaya. A wata miliyan 3 da dubu 600. A shekara kusan miliyan 44, kuma bayan an biya ko famfo ɗaya ba mu mallaka ba.

Ruwan kansa fa? Jarka lita 25 ce, gida 200 sau jarka 6 ya ba da lita 30,000, ku tuna tankar man nan mai lita 33,000 da ke saukewa a gidan mai, to kusan cikinta guda muke saye kullum. Kuma duk jarka ɗaya kilo 25 ce, rabin buhun siminti, gidan da kura ba ta shiga lungunsu yarinya 'yar shekara goma ce ke ɗauko rabin buhun siminti a ka kafin ta tafi makaranta. Wannan ne ya fi damuna a duk lissafin nan.

Duk da haka ruwan bai ishe mu ba. Gida mai mutum 8 in ya raba lita 150 kowa bai kai lita 19 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙaranci lita 20 ga mutum a rana, wannan ma na sha da girki da ɗan wanke hannu ne, wanka da wanki sai an kai wajen lita 50.

Yanzu kuɗin aiki. Injiniya ya kawo 8,870,000, haƙa da famfon sola da faranti da tanki huɗu masu lita 5,000 da ƙarfen ɗora su, mu ce miliyan 9. Sola muka zaɓa saboda kowa ya ga inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, janareta zai cinye mu.

Miliyan 9 na san ta yi wa kunne nauyi. Amma ku raba ta da 120,000 ɗin da muke kashewa kullum.

KWANA 75.

Kuɗin ruwanmu na wata biyu da rabi shi ne kuɗin bohol ɗin gaba ɗaya. Abin da muke kashewa a shekara ɗaya ya kusa haƙa irinsa biyar. In matarka ta tambaye ka me ma'aji ya ce, ko maƙwabcin da ba ya riƙe waya, ba sai ka tuna miliyoyi ba, ka ce masa kwana 75.

Masu boko da za su ce na cike lambobi, eh na cike, amma ku danna kalkuleta da ainihin gida 197 da ainihin 8,870,000, kwana 75 ɗin dai za ta fito, takardun kuma suna wajena duk mai son gani bismillah.

Kason kowane gida 45,000, za a biya 15,000 duk wata har wata uku. Ba zan ɓoye muku ba watannin nan za su yi tsauri don ana biya ana kuma ci gaba da sayen ruwa, gidajen marayu da zawarawa kwamiti zai zauna a kansu daban. Bayan an gama jarka za ta koma naira 20 don gyara da mai gadi, 'yan garuwa kuma ba korarsu za mu yi ba, su ma a nan za su riƙa ɗiba su kai wa mai buƙata, sun huta da turo kura daga nesa.

Zama ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, kowane gida a turo mutum ɗaya, za a buɗe rajistar biyan farko a wurin. Allah Ya ba mu iko.

Naku, ma'ajin kwamiti.