Takarda Zuwa Ga Akawun Kuɗi Kan Giɓin Da Ke Cikin Lissafin Watan Maris

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, na duba rahoton da ka aiko mini, inda ka nuna cewa littafin kuɗi ya rufe ranar 31 ga Maris da balas na 1,284,600, alhali takardar bayanin asusu da banki ya bayar ta nuna 1,371,850. Ka rubuta cewa tunda kuɗin da ke banki ya fi na littafi da 87,250, babu abin da ya ɓata. Ban yarda da wannan hukunci ba, domin waɗannan adadi biyu ba a kwatanta su kai tsaye sai an gyara kowanne, kuma da na gyara su sai na tarar asusun kamfani ya gaza da 30,000. Ga yadda na bi, kuma ina so ka sake bi da kanka da takardun a gabanka.

Na fara da balas ɗin buɗe wata, na tabbatar cewa abin da aka rufe Fabrairu da shi shi ne aka buɗe Maris da shi, kuma cek ɗin da suka rage a hanya a wancan watan duk banki ya biya su. Saboda haka matsalar a cikin Maris take.

Daga nan sai gyaran littafinmu, wato shigar da abubuwan da banki ya riga ya sani mu ba mu rubuta ba. Akwai 48,000 da wani mai sayen kaya ya turo kai tsaye cikin asusu ranar 24 ga wata, wanda za a ƙara. Akwai cajin banki na 3,250, sannan akwai cek na 35,000 da muka karɓa muka kai banki amma aka dawo da shi ba a biya ba, kuma waɗannan biyun cire su za a yi. Game da cek ɗin da aka dawo da shi, cire shi daga littafin kuɗi rabin aiki ne, sai ka mayar da bashin kan mai shi a littafin masu bashi, in ba haka ba zai zauna a matsayin wanda ya biya. Bayan wannan gyara littafi ya tsaya a 1,294,350.

A ɓangaren banki kuwa ba kuskure ake gyarawa ba, bambancin lokaci ne kawai. Kuɗin da aka zuba da yammacin 31 ga Maris, wato 140,000, bai bayyana ba sai a watan Afrilu, don haka ana ƙara shi. Cek mai lamba 0417 na 185,000 da mai lamba 0421 na 62,500 mun rubuta mun bayar, amma waɗanda aka ba su ba su kai banki ba tukuna, don haka ana cire jimlarsu, 247,500. Wannan kuɗi shi ne ya sa asusu ya yi kama da mai rara, alhali kuwa ya riga ya zama na wasu. Bayan ƙari da ragi adadin banki ya zama 1,264,350. Idan ka cire shi daga 1,294,350, abin da ya rage shi ne 30,000, kuma littafi ne ke iƙirarin kuɗin da babu shi a banki.

Kafin in shiga bin layi ɗaya bayan ɗaya na gwada adadin kansa. Na nemi wata shigarwa ta 30,000 daidai wadda aka manta ko aka maimaita, ban samu ba. Na raba shi biyu na nemi 15,000, domin kuɗin da aka rubuta a gefen shiga maimakon gefen fita yakan haifar da giɓi ninki biyu na kansa, nan ma babu. Na raba shi da 9, domin idan an juya lambobi biyu wajen kwafa, bambancin kullum yana rabuwa da 9 ba saura, amma 30,000 bai rabu ba. Idan duk gwaje-gwajen nan suka gaza, abin da ya fi yiwuwa shi ne kuskuren ya wuce ɗaya, kuma daga nan babu gajeriyar hanya sai a ɗauki kowace shigarwa a haɗa ta da takwararta a takardar banki, a sa alama a duka biyun, ana karanta adadin lamba bayan lamba.

A gefen shiga na tsaya a ranar 19 ga Maris. Littafi ya ce an kai banki 212,000, kuma rasit ɗin cinikin ranar sun haɗu sun ba da wannan adadi, amma banki ya shigar da 200,000, kuma kwafin takardar zuba kuɗi mai hatimin banki shi ma 200,000 yake ɗauke da shi. Ke nan 12,000 bai isa banki ba. Da na cire shi daga giɓin sai ya rage 18,000, wanda ya rabu da 9 ya ba da 2,000. Wannan ya nuna mini cewa in nemi adadin da lambarsa ta dubu goma-goma da ta dubbai suka bambanta da 2, kuma na same shi a cek mai lamba 0409: guntun cek da takardar mai kawo kaya duk sun ce 86,300, banki ya biya 86,300, littafi kuwa ya ɗauki 68,300. Wannan kuskuren alƙalami ne, babu kuɗin da ya salwanta. Ka gyara shi da sabuwar shigarwa ta 18,000 mai ɗauke da bayani da kwanan wata, a littafin kuɗi da kuma asusun mai kawo kayan, kada ka goge tsohon rubutu ko ka rubuta a kansa.

Batun 12,000 shi ne ya fi damuna, domin tsabar kuɗi ce da ta shiga hannu ta kuma fita ba tare da takarda ba. Ka nemo takardar ƙidayar kuɗin ranar 19 da kashiya ya sa wa hannu, ka ga ko 212,000 aka ƙirga ko 200,000, sannan ka gano wanda ya karɓi kuɗin daga hannunsa da wanda ya kai banki. Ka duba baucocin ƙananan kashe-kashe na wannan mako, domin sau da yawa akan zari kuɗi daga ciniki a biya wata buƙata ta gaggawa da niyyar rubutawa daga baya, sai a manta. Ka kuma duba ko an zuba 12,000 daban a farkon Afrilu. Lokacin da kake tambayar ma'aikata ka tsaya kan takardu, kada ka furta zargi a kan kowa, domin har yanzu abin da muka sani shi ne ranar da kuɗin ya ɓace, ba hannun da ya ɓace a ciki ba.

Ina roƙonka kada ka jefa wannan adadi cikin kashe-kashen yau da kullum don littafi ya daidaita. Idan lokacin rufe lissafi ya yi ba a gano shi ba, ka ajiye shi a asusu na dabam mai jiran bincike, da bayaninsa a rubuce, kuma ba za a share shi ba sai da izinin manaja. Ina jiran takardar daidaita asusun, tare da kwafin takardar zuba kuɗi da na cek 0409, kafin ranar 10 ga Afrilu.

Na gode.

Babban Akanta